Inda Maki Ke Zubewa a Tirigonometiri: Tambaya Ɗaya, Ramuka Huɗu

Duk malamin lissafin da ya jima yana duba takardun 'yan aji shida na sakandare ya san wannan irin takarda. Zanen alwatika ya fito tsaf, ƙa'idar da aka rubuta daidai ce, rubutun ma gwanin kyau, amma idan ka gangara ƙasa sai ka tarar amsar ta kauce. Ɗalibin ya fita ɗakin jarrabawa yana murna, ga shi kuwa kusan rabin makin tambayar ya tsiyaye. Ba rashin sani ne ya kayar da shi ba. Ya miƙa wa kalkuleta wuya ne, ya karɓi duk abin da ta ba shi ba tare da ya sake ɗaga kai ya dubi zanensa ba.

Kafin mu shiga lissafin, ya kamata ka san yadda ake rabon maki. A takardar tiyori ta WAEC, mai dubawa yana riƙe da takardar rabon maki, kuma makin iri-iri ne. Akwai makin M, na hanyar da ka bi. Akwai makin A, na daidaiton amsa, wanda ba a samunsa sai an fara samun na hanyar. Akwai kuma makin B, wanda yake tsaye da ƙafarsa, kamar na zane mai kyau. Saboda haka wanda ya rubuta amsa tsirara ba tare da aiki ba ya jefa kansa cikin haɗari, wanda kuma ya nuna hanya ya yi tuntuɓe a ƙarshe zai tsira da wani abu. Abubuwan da za mu duba a nan galibi makin A suke cinyewa, ɗaya bayan ɗaya.

Ga tambayar da za mu bi:

Wani mai babur ya tashi daga ƙauyen P ya yi tafiyar kilomita 8 a kan beyarin 040° zuwa Q. Daga Q ya juya ya yi kilomita 15 a kan beyarin 170° zuwa R. (a) Nemo nisan PR zuwa cikakken kilomita mafi kusa. (b) Nemo beyarin R daga P zuwa cikakken digiri mafi kusa.

Mataki na farko: kafin ka taɓa tambayar, gwada kalkuletarka

Danna sin 30. In ta ba ka 0.5, ci gaba. In ta ba ka −0.988, tana kan rediyan. In ta ba ka 0.454, tana kan giradiyan. A irin kalkuletar Casio da ɗalibai suka fi riƙewa, akwai ɗan ƙaramin harafi a saman gilashin: D, ko R, ko G. D kake so. Wannan gwajin bai kai daƙiƙa biyar ba, kuma za ka ga amfaninsa nan gaba kaɗan. Ya fi zama dole ga wanda ya ari kalkuleta a ƙofar ɗakin jarrabawa, ko wanda ƙaninsa ya yi wasa da ita a gida.

Mataki na biyu: zane

Beyarin ana auna shi ne daga arewa, a bi yadda hannun agogo yake juyawa. Saka ɗigon P, ja layin arewa. Karkata 40° zuwa gabas ka ja layi zuwa Q. A Q sake jan wani layin arewa, kada ka yi ƙyuya, domin daga shi za ka auna 170°. Layin zai gangaro kusan kudu sak, ya ɗan karkata gabas. Ka yi ƙoƙari QR ya kusa ninka PQ a tsawo, tunda 15 ya kusa ninka 8. Ba sai ka sa abin awo ba, amma zanen da ya yi kama da gaskiya shi ne zai cece ka a sashe na (b).

Yanzu kusurwar da ke cikin alwatikar a Q. Wanda yake tsaye a Q yana waiwayen P, beyarinsa 40° + 180° = 220°. Hanyar R kuma 170°. Abin da ke tsakaninsu 220° − 170° = 50°. Rubuta 50° a kan zanen, tare da 8 km da 15 km.

Mataki na uku: nisan PR

Muna da gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu, don haka ƙa'idar cos ce:

```
PR² = 8² + 15² − 2(8)(15) cos 50°
    = 289 − 240 × 0.642788
    = 134.731
PR  = 11.6074 km
```

Amsar (a) ita ce 12 km.

Akwai wani tuntuɓe da nake gani kowace shekara a layi na biyu. Ɗalibi ya ga 289 − 240 cos 50°, sai ya ɗebe 240 daga 289 ya samu 49, sannan ya ninka da cos 50°. Zai ƙare da PR kusan 5.6 km. Ninkawa tana gaban ɗebewa. 240 ɗin a ɗaure yake da cos. Da ya tsaya ya yi tunani, da ya gane 5.6 ba zai yiwu ba. Gefe na uku na kowace alwatika bai kai jimillar sauran biyun ba, kuma ya fi bambancinsu. A nan dole PR ya faɗa tsakanin 7 da 23.

To me zai faru da kalkuletar tana kan R? Za ta ɗauki 50 ɗin a matsayin rediyan, ta ba da cos 50 = 0.965, PR ya fito kusan 7.6 km. A kan G kuma ya fito kusan 10.9 km. Ka lura da muguntar abin: dukkansu suna tsakanin 7 da 23, dukkansu sun yi kama da amsar kirki. Babu abin da zai yi maka tsawa. Shi ya sa gwajin sin 30 yake zuwa farko.

Mataki na huɗu: kada 12 ta bi ka zuwa (b)

Nan ne na fi son mu daɗe, domin nan ne aka fi yin asara cikin rashin sani.

An ce ka ba da PR zuwa cikakken kilomita, ka rubuta 12. Madalla. Amma 12 ta mai duba takarda ce, ba ta aikinka ba. Lambar aikinka ita ce 11.6074. Rubuta su biyun a layi ɗaya, "PR = 11.6074 km ≈ 12 km", ka ja layi ƙarƙashin 12, ka ci gaba da 11.6074. In kana so, bar ta cikin kalkuleta ka kira ta da maɓallin Ans a lissafin da ke biye.

Bari mu ga abin da taƙaita lamba da wuri yake haifarwa. Don samun beyarin muna buƙatar kusurwar P. Yawancin ɗalibai ƙa'idar sin suke ɗauka:

```
sin P = 15 sin 50° ÷ PR
```

Da cikakkun lambobi, sin P = 11.4907 ÷ 11.6074 = 0.98994, kalkuleta ta ce 81.87°. Riƙe wannan, za mu dawo kanta, domin ita ma da sauran magana. Yanzu dubi yadda take rawa idan an taɓa lambobin:

- Wanda ya sa PR = 11.6 zai samu 82.13°.
- Wanda ya sa PR = 11.6, ya kuma taƙaita sin 50° zuwa 0.77, zai samu 84.7°.
- Wanda ya sa PR = 12 zai samu 73.2°.
- Wanda ya sa PR = 11.6 da sin 50° = 0.8 zai samu sin P = 1.03, kalkuleta ta rubuta masa Math ERROR, domin sin ba ya wuce 1.

Daga 11.6074 zuwa 12 ko rabin kilomita ba a ƙara ba, amma kusurwa ta goce da fiye da digiri takwas. Dalilin yana cikin siffar sin kanta. Idan kusurwa ta doshi 90°, sin ya kusa kai ƙololuwarsa, hawansa ya yi sanyi ƙwarai: sin 80° = 0.9848, sin 85° = 0.9962, sin 90° = 1. Digiri goma cur, amma bambancin sin bai kai 0.02 ba. Idan ka juya abin, kana neman kusurwa daga sin, ɗan kuskure a gurbi na biyu bayan ɗigo sai ya zama digiri da yawa. Kusa da 30° abin bai kai haka tsanani ba, shi ya sa ɗalibi zai iya yin shekara yana taƙaita lamba yana tsira, har ranar da ya gamu da irin wannan tambayar.

Dokar da nake ba ɗalibaina: sin, cos da tan kada su gaza lamba huɗu bayan ɗigo a tsakiyar aiki. Tsawo kuma riƙe aƙalla lambobi biyu fiye da abin da aka nema a amsa. Taƙaitawa sau ɗaya ce, a layin ƙarshe. Mai amfani da tebur mai lamba huɗu ya kwafi lambobin huɗu duka, kuma ya tuna cewa a teburin cos ɗebe ɗan bambancin da ke gefen dama ake yi, ba ƙarawa ba, saboda cos raguwa yake yi yayin da kusurwa ke ƙaruwa.

Mataki na biyar: amsar da kalkuleta ta ɓoye

Mu koma kan 81.87°. Ɗalibi mai tsafta, wanda bai taƙaita komai ba, zai haɗa 40° + 81.87° ya rubuta 122°. Ya faɗi.

Kusurwa biyu ne tsakanin 0° da 180° suke da sin iri ɗaya: θ da 180° − θ. Maɓallin sin⁻¹ kuwa ba ya taɓa ba da abin da ya wuce 90°; haka aka gina shi. Don haka sin P = 0.98994 yana nufin P ko dai 81.87° ce ko 98.13°. Kalkuleta ba ta ga zanenka ba. Kai ne za ka zaɓa.

Yaya za ka gane? Gefen da ya fi tsawo shi ne yake fuskantar kusurwar da ta fi faɗi. A nan QR = 15 ne mafi tsawo, kuma P yake kallo, don haka P ce kaɗai za ta iya wuce 90°. Gwada ta: 15² = 225, sauran biyun kuma 8² + PR² = 64 + 134.731 = 198.731. Tunda 225 ya fi 198.731, kusurwar P ta wuce 90°. Da sun yi daidai, da 90° ce cif, kamar yadda ƙa'idar Paitagoras ta nuna. Ashe P = 98.13°.

Akwai hanya biyu na kauce wa ramin gaba ɗaya. Ta farko, in dai ƙa'idar sin za ka yi amfani da ita, nemi kusurwar da take fuskantar gajeren gefe, domin ita ba za ta taɓa kai 90° ba:

```
sin R = 8 sin 50° ÷ 11.6074 = 0.52797
R = 31.87°
P = 180° − 50° − 31.87° = 98.13°
```

Ta biyu, sake ɗaukar ƙa'idar cos. Za ka samu cos P = −0.1414, kuma wannan alamar ɗebewa da kanta take shaida maka cewa kusurwar ta wuce 90°. Cos⁻¹ yana ba da amsa har zuwa 180°, ba ya ɓoye komai a cikin alwatika. Ni ta farkon na fi so, don ta fi gajarta, kuma ba ta cika jin zafin ɗan kuskuren lamba ba. Amma kada ka ɗauka ta wanke 12: in ka sa 12 a wannan hanyar ma 139° za ka samu, wanda ba daidai ba ne.

Beyarin R daga P: 40° + 98.13° = 138.13°, wato 138°. Dubi zanenka: R tana kudu maso gabas da P, kusan tsakiyar gabas da kudu. Ya dace.

Wani lokaci kuma amsoshin biyu duka halal ne. Idan aka ba ka A = 40°, a = 7 cm, b = 10 cm, aka ce nemo B, za ka samu sin B = 0.9183, wato 66.7° ko 113.3°. Haɗa kowace da 40°: 106.7° da 153.3°, duk ba su kai 180° ba, saboda haka alwatika biyu ne suke yiwuwa. In tambayar ba ta ce komai a kan girman B ba, kuma babu zanen da ya raba gardama, rubuta su biyun. Alamar wannan yanayi ita ce an ba ka gefe biyu da kusurwar da ba a tsakaninsu take ba, kuma gefen da ke fuskantar kusurwar shi ne gajere.

Mataki na shida: ma'auni

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai yana cin maki kamar gara. "12" kawai ba amsa ba ce. 12 km ce. Beyarin lamba uku ake rubuta shi: 040°, ba 40° ba. Da an nemi faɗin filin da ke cikin alwatikar, ½ × 8 × 15 × sin 50° = 45.96, ma'auninsa km² ne.

Sai maganar minti. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba. Don haka 98.13° ba 98°13′ ba ce. Ninka 0.13 da 60 ka samu 7.8, wato kusan 98°8′. Haka in an ba ka 35°30′, abin da za ka danna 35.5 ne, ba 35.30 ba, ko ka shigar da ita ta maɓallin °′″.

A tambayoyin hangen sama kuma akan cakuɗa ma'auni da gangan. Yaro yana tsaye mita 25 daga gindin hasumiya, yana hangen ƙolinta a kusurwar 35°, idonsa yana santimita 160 daga ƙasa. 25 tan 35° = 17.505 m. Mayar da 160 cm zuwa 1.6 m kafin ka haɗa: 19.1 m. Wasu sukan manta tsayin yaron ɗungurungum, wasu su haɗa 160 kai tsaye su gina hasumiya mai mita 177.5.

Irin wannan ɓoyon a ikweshan

Halin nan na kalkuleta, na ba da amsa ɗaya tak, ya fi yin ɓarna a tambayoyin da ake cewa "warware, 0° ≤ x ≤ 360°". Duk inda ka ga an ba da iyaka irin wannan, ana gaya maka ne cewa amsar ta fi ɗaya.

Ɗauki sin x = −0.4. Kalkuleta za ta ce −23.6°, wadda ba ta ma cikin iyakar. Ajiye alamar ɗebewar tukuna, nemi sin⁻¹ 0.4 = 23.6°. Sai ka tambayi kanka a ina sin yake ƙasa da sifili: rubu'i na uku da na huɗu. Na uku 180° + 23.6° = 203.6°, na huɗu 360° − 23.6° = 336.4°. Danna sin na kowace ka tabbatar ta dawo kusan −0.4.

Na biyu ya fi wayo:

```
2 sin x cos x = sin x
```

Hannu yakan yi ƙaiƙayin soke sin x a ɓangarorin biyu, a bar 2 cos x = 1, a samu 60° da 300°. Amsoshi biyu cikin biyar ke nan. Soke sin x raba duka da sin x ne, kuma ba a rabawa da sifili; da ka soke shi ka yanke hukuncin cewa sin x ba sifili ba ne, alhali ba wanda ya gaya maka haka. Kwaso komai gefe ɗaya ka fitar da shi wajen baka:

```
sin x (2 cos x − 1) = 0
sin x = 0  →  x = 0°, 180°, 360°
cos x = ½  →  x = 60°, 300°
```

Dubi alamar iyakar da kyau. Da ≤ aka rubuta, don haka 0° da 360° suna ciki. Da < ce, da sun fita, amsoshi su koma uku. Haka nan 4 sin²x = 1 yana ba da sin x = ½ da kuma sin x = −½, amsoshi huɗu: 30°, 150°, 210°, 330°. Mai manta ± ya zubar da rabi.

Na ƙarshe shi ne wanda ko ɗalibai masu ƙoƙari yake kamawa: sin 2x = 0.5, da iyakar 0° ≤ x ≤ 360°. Akan samu 2x = 30° da 150°, a raba biyu, a rubuta 15° da 75°, a wuce. Amma iyakar ta x ce, ba ta 2x ba. In x zai kai 360°, to 2x zai kai 720°, zagaye biyu ke nan. Saboda haka fara rubuta 0° ≤ 2x ≤ 720° a layin farko. Sai ka ƙara 360° a kan kowace amsa: 2x = 30°, 150°, 390°, 510°. Bayan ka gama tattara su ne za ka raba: x = 15°, 75°, 195°, 255°. Tsarin yana da muhimmanci. Wanda ya fara rabawa sannan ya ce 180° − 15° zai samu 165°, kuma sin 330° = −0.5 ne, ba 0.5 ba.

Akwai hanyar ƙirga su tun kafin ka fara. Matuƙar lambar da ke dama tana tsakanin −1 da 1, kuma ba sifili ba ce, sin x yana ba da amsa biyu a zagaye ɗaya, sin 2x huɗu, sin 3x shida. Rubuta adadin da fensir a gefen takarda, in ka gama ka ƙirga abin da ka samu ka gwada da shi.